Haƙƙin Najeriya a kan teku har zuwa mil 200

A ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, Najeriya kaɗai ke da ikon cin moriyar kifi da ɗanyen mai da iskar gas da ke cikin nisan mil 200 na teku daga gaɓarta.

Sai dai wannan iko a kan albarkatu ya tsaya, domin ruwan da ƙasa ke da cikakken iko a kansa bai wuce mil 12 ba. Bayan nan, jiragen ruwa da na sama na kowace ƙasa suna wucewa ba tare da neman izini ba.

Misali, jirgin dakon kaya da ya nufi Kamaru ba za a tare shi don kawai ya ratsa yankin ba. Amma jirgin da ya jefa koma babu lasisi, ana iya kama shi a ci shi tara.