Ku Karanta Sharaɗin Sabuntawa Kafin Ku Sayi Data

To, yau zancenmu a kan datar waya ne.

In kin sayi data ta wata guda, akan tambaye ki: sau ɗaya kike so, ko mai sabunta kanta? In kin zaɓi ta biyun, kin ba kamfani izini ke nan ya cire kuɗi daga katinki ran da kwana 30 suka cika, ba sai ya sake neman yardarki ba.

Ga misali. Yarinya ta sayi ta Naira 1,500 ran 1 ga wata don karatun jarrabawa. Aka gama jarrabawa, ta manta. Ƙarshen wata uwarta ta sa katin Naira 2,000 don kiran 'yan'uwa a Kano, sai aka wayi gari saura 500. Ba sata aka yi ba, sharaɗin da aka yarda da shi ne.

Saboda haka ku nemi abu biyu cikin sharuɗɗan: ranar sabuntawa, da wa'adin sanarwa. In an ce a sanar da awa 24 kafin ranar, wadda ta soke da safiyar ranar ta makara.

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta sa lambar data ta zama ɗaya a kowane layi, watau `*312#`. Ki buga ta, ki nemi wurin soke sabuntawa, ki ajiye saƙon tabbaci. In an cire duk da haka, ki kai kuka ga kamfanin. In bai share miki hawaye ba, ki kira 622, layin ƙara na hukumar, kyauta ne.