“Bai Kwanta Min Ba” Ba Ya Gyara Tambari

Wata mai sayar da turaren wuta ta turo min saƙon murya: “Malam, tambarin da aka zana min bai kwanta min ba, kamar ya cika hayaniya. Me za a gyara?” Hoton kuwa ba ta turo ba. Wannan tamkar mara lafiya ne ya aika wa likita cewa jikin ba daɗi, ya zauna a gida yana jiran magani.

Abin da ta ji gaskiya ne, domin ido kan riga baki gane matsala. Sai dai “hayaniya” na iya nufin launuka sun yi yawa, ko salon rubutu ya bambanta, ko ba a bar fili tsakanin zane da suna ba, kuma kowanne maganinsa daban. Na ce: “Hajiya, turo min ainihin zanen, ki faɗa min inda za a manna shi da girmansa.” Na roƙe ta ta aiko shi a matsayin PDF, saboda WhatsApp kan matse hoto har ƙananan haruffa su dusashe.

Ashe a murfin kwalba za a manna shi, faɗinsa santimita 4 kacal, alhali ita a cike da fuskar waya take kallonsa. Muka buga shi daidai wannan girman, a baƙi da fari. Nan take sunan ya nutse: ruwan gwal ne a kan ruwan hoda, kuma da aka cire launi sai duka biyun suka koma toka-toka iri ɗaya. Launi biyu na iya bambanta a ido amma haskensu ya zo ɗaya, rubutu kuwa da bambancin haske da duhu ake karanta shi. Ga kuma wani abu: waya da haske take nuna launi, injin bugu da tawada, don haka gwal ɗin da ke walƙiya a waya yakan fito kamar ruwan ƙasa a takarda.

Ainihin abin da ke sukar idonta ma ƙarami ne. A kalmar “ƙamshi”, harafin ƙ ya fi sauran siranta, ya tsaya kamar baƙo. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon ba tare da ta sanar ba. Masu zana mana fosta sun cika yin sakaci a nan.

Saƙon da ta mayar wa mai zanen layi uku ne: a mai da bayan ruwan makuba mai duhu, a sauya salon rubutu zuwa mai haruffan Hausa, a cire furanni biyu daga cikin ukun. Kafin a buga da yawa, ta manna guda a kwalba, ta nuna wa maƙwabciyarta daga taku uku, ta tambaye ta me aka rubuta.