Me ya sa ruwa ke fara shiga kwalba kafin asid?

A allon da malamai ke haskawa a ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa za ka ga an rubuta umarni kawai: sa tabarau, zuba ruwa, sannan asid. Ɗalibi zai haddace, amma ranar da yake sauri zai tsallake abin da bai san dalilinsa ba.

Ɗauki tsarma asid ɗin salfa mai ƙarfi, irin wanda ake haɗa ruwan batirin mota da shi. Haɗuwarsa da ruwa tana fitar da zafi sosai, kuma ya fi ruwa nauyi kusan ninki biyu. In ka zuba ruwa a kansa, ruwan zai tsaya a sama, ya tafasa nan take, ya fantsamo maka asid a fuska. In kuwa asid ɗin ne ke gangarawa kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa ana juyawa, ruwan ne zai shanye zafin. Kwalba ta yi zafi? Dakata ta huce.

Tabarau kuwa, saboda ƙunar asid a ido tana iya makantar da mutum. Malam, rubuta dalilin nan a gefen kowane umarni.