Hasumiyar Sanyaya Ruwa: Lissafin Zaɓe da Kula

Lambobi biyu ke zaɓar hasumiyar sanyaya ruwan masana'anta. Na farko tazarar sanyi: ruwa ya shiga da digiri 37, ya fita da 32, tazara 5 ke nan. Na biyu kusanci: idan ma'aunin zafi mai jiƙaƙƙen kai ya nuna 27, kusancin 5 ne. Matse kusanci na buƙatar babbar hasumiya.

Idan lita 100,000 ke zagayawa a awa, kusan 850 na tashi tururi, gishirinsu na zama. Don kada gishiri ya wuce ninki 4, a zubar da 850÷3, wajen 283. Ruwan ciko ya kama 1,133. Kada a manta maganin tsatsa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.