Yadda Sauya Taken Imel Ke Raba Zance Gida Biyu

A ɗauka ma'ajin wata makaranta ya tura wa mutum biyar imel mai taken "Kuɗin gyaran aji". Biyu suka amsa. Ta ukun ta ji siminti ya ƙara kuɗi, sai ta mayar da taken "Sabon farashi" kafin ta tura amsarta. Shugaban makarantar, mai amfani da Gmail, ya buɗe jerin saƙonnin da ya sani, bai ga nata ba, ya amince da tsohon lissafi. Alhali saƙonta ya iso, yana can gefe shi kaɗai.

Kowane imel yana da lambar shaida da ba a gani a fili, wato Message-ID. Idan mutum ya danna Reply, manhajarsa takan kwafi lambar saƙon da yake amsawa ta saka a cikin nasa, kamar haka:

```
Message-ID: <b2@example.com>
In-Reply-To: <a1@example.com>
References: <a1@example.com>
```

Manhaja irin Thunderbird waɗannan lambobin take bi, don haka ko an sauya take, amsa za ta zauna ƙarƙashin saƙon da ta amsa. Gmail kuwa, wanda ya fito a 2004 da tsarin tara saƙonni wuri guda, yana duba take ma. Ƙarin Re: a farkon take ba ya ruɗa shi, amma da an sauya kalmomin sai ya buɗe sabon jeri. Haka ma yake yi idan saƙonnin jeri ɗaya suka wuce 100. Shi ya sa a cikin mutum biyar ɗin nan wani zai rantse zancen a haɗe yake, wani ya ce ya rabu, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Mai son tabbatarwa ya buɗe saƙon da ya ware a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun da ke gefensa, ya zaɓi Show original. Idan akwai layin In-Reply-To, mai yiwuwa sauyin take ne ya raba su. Idan babu, galibi sabon saƙo aka rubuta ba amsa ba.

Maganin shi ne a bar take yadda yake muddin magana ɗaya ake yi, a sa sabon bayani a layin farko na saƙon. Da malamar ta fara da "Farashin siminti ya sauya, ga sabon lissafi", da shugaban ya gani kafin ya amince.

Idan kuma an riga an rabu, Gmail ba shi da maɓallin haɗe jeri biyu. Sai mutum ɗaya ya koma saƙon ƙarshe na jerin asali, ya danna Reply all, ya kwafo abin da aka faɗa a ɗaya jerin tare da takardun da aka maƙala, domin amsa ba ta ɗauko su da kanta. Sannan ya roƙi kowa ya ci gaba da amsawa a nan.