Sitikar Kwalbar Zoɓo: A Fara da Awo Kafin Zane

Yawancin masu sana'ar zoɓo, kunun aya ko yogot a gida sukan je wurin mai zane da hoton wata sitika da suka gani a waya, su ce a yi musu irinta. Daga nan matsala take farawa, domin abin da ya cika fuskar waya da kyau, in aka matse shi a santimita shida sai ya dagule. Aikin sitika da rula yake farawa, tun kafin a kunna kwamfuta.

Mu ɗauki robar zoɓo mai cin rabin lita. Kewayenta yakan kai kusan santimita 20, amma mai saye da ke tsaye gaban firij kashi ɗaya cikin uku kawai yake iya karantawa ba tare da ya juya robar ba, wato santimita shida zuwa bakwai. Sauran ya lanƙwasa ya ɓuya. Ga kuma ƙusoshi da ramukan da ke jikin irin waɗannan robobi, waɗanda sitika ba ta kwanciya a kansu: takan yi ƙwanƙwaro, gefenta ya ɗago. Saboda haka sai a yanko farar takarda, a naɗa a wurin da robar take sumul, a rage ta da almakashi har ta kwanta lafiya, sannan a auna ta.

A ce awon ya nuna faɗi 7, tsayi 5. Kafin a amince da shi, a duba takardar da za a buga a kai, domin mai bugu farashin shafi yake faɗa, bai damu da yawan sitikar da ke ciki ba. Shafin A4 faɗinsa santimita 21 ne, tsayinsa 29.7, kuma firinta takan bar ɗan baki a kowane gefe da ba ta bugawa. Kowace sitika tana buƙatar rarar launi ta milimita biyu a kewayenta, don in wuƙar yanka ta ɗan kauce kada farin layi ya fito a gefe. Mai faɗi 7 ta koma 7.4 ke nan, biyu kaɗai za su jeru a faɗin shafi, biyar a tsaye, jimilla goma. In aka rage faɗin zuwa 6, uku za su jeru, shafi ya ba da goma sha biyar. Mai roba 300 za ta sayi shafi 20 maimakon 30. Santimita ɗayan nan da mai saye ba zai ma lura da rashinsa ba ya sauke mata kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bugu.

To, yanzu fili ya zama 6 da 5, kuma ba duka za a yi rubutu a kai ba. Ana janye rubutu daga baki da milimita uku, sai a rage da faɗi 5.4, tsayi 4.4. A nan ake rabon gado. Sunan kaya, ZOƁO, shi ne babban magaji: a ba shi santimita 1.2 na sama, da haruffa masu kauri da za a hango daga taku uku ko huɗu. Ƙarƙashinsa layi ɗaya na yawan abin da ke ciki, 50cl, da lambar waya, a girman harafi lamba 9. Sai ƙananan bayanai a lamba 6, wanda layi shida nasa zai ci kusan santimita 1.6, kowane layi ya ɗauki haruffa kamar hamsin. Kalmomi hamsin ke nan ko kusa da haka, kuma a cikinsu za a faɗi kayan haɗi, a fara da mafi yawa (ruwa, sukari, zoɓo, citta, kanumfari), da sunan mai yi da adireshinsa, da gargaɗin a ajiye a wuri mai sanyi. Waɗannan, tare da lambar rukunin kaya da ranar yi da ranar ƙarewar amfani, suna cikin abubuwan da hukumar NAFDAC take nema a jikin abincin da aka ƙulle don sayarwa a Najeriya. Lambar rajistarta kuwa sai wanda ta ba shi, rubuta ta ƙarya laifi ne.

Hoton abarba, kankana da kofi mai ƙanƙara fa? A ganina, a bar su. Robar zoɓo garau take, jan da ke cikinta ya fi kowane hoto kiran mai ƙishirwa. Farar sitika mai rubutu baƙi da launi ɗaya na ado ta fi fitowa a kan wannan ja fiye da jar sitika, wadda za ta nutse a ciki.

Ƙananan haruffa su ne suka fi wahala a wajen bugu, kuma dalilin yana cikin injin. Launuka huɗu yake haɗawa, waɗanda ake gani a kwamfuta da sunan CMYK. Idan baƙin da aka zaɓa haɗin dukkan huɗun ne, kuma ɗaya ya ɗan zame daga 'yan'uwansa, harafin zai fito da inuwa shuɗiya ko ja a gefe, ido ya kasa tsayawa a kansa. A gaya wa mai zane ya sa ƙaramin rubutu a baƙi zalla, wato K 100, sauran ukun sifiri. Farin rubutu a kan launi mai duhu ya fi haɗari, domin tawada takan bazu ta cike siraran layukan. In ya zama dole, kada ya gaza lamba 7, kuma ya kasance mai kauri. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki ba shi da gurbi a wannan girma. Haruffa miƙaƙƙu irin su Arial sun wadatar.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin lura. Ba kowane salon harafi ne yake da ƙ, ɗ da ɓ ba, kuma in kwamfutar mai bugu ba ta da salon da aka yi zanen da shi, ZOƁO zai iya fitowa da akwati a tsakiya. A CorelDRAW, wadda shagunan bugu da yawa suke aiki da ita, ana zaɓar rubutun a danna Ctrl+Q, ya koma zane wanda ba ya canzawa. A ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyaran gaba. Sannan a tura aikin a PDF. In ta WhatsApp ne, a tura shi ta Document, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi, ƙananan haruffa su dusashe.

Kada a buga kwanan wata a cikin zanen, tunda zoɓon yau da na jibi ba ranarsu ɗaya ba. A bar farin akwati mai tsayin milimita takwas a ƙasa, a riƙa buga hatimi ko rubutawa da maka wadda ba ta gogewa. A gwada tukuna, domin sitika mai sheƙi sau da yawa ba ta riƙe tawadar hatimi, yatsa ɗaya ya share ta.

Saura ruwa. Sitikar takarda ta fi araha, kuma ta dace da kwalbar yaji ko ta zuma. Amma zoɓo a kula mai ƙanƙara yake wuni, inda takarda take jiƙewa ta saɓule, tawadar ƙaramar firintar gida kuma ta zube. Shi sai sitikar leda. A manna ta a kan busasshiyar roba kafin a sa a firij, domin gam ba ya kama robar da ke gumi.

Kafin a biya kuɗin shafi 20, a sa a buga ɗaya a ainihin girmansa. A yanka, a manna a roba, a miƙa wa wani dattijo a gida ya karanta kayan haɗin da lambar wayar da ƙarfi. Inda ya tsaya yana matse ido, a nan za a ƙara girman harafi ko a cire kalma. Sannan robar ta kwana a kula, da safe a murza sitikar da babban yatsa a ga ko launi ya biyo hannu ko kusurwa ta ɗago.