In ƙofar injin wanki ta ƙi buɗuwa, a fara da fidda ruwa

A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa na Yamai, Maraɗi da Damagaram, injin wanki mai ƙofa a gaba ya samu wurin zama. Amma akwai ranar da yake tsayawa, ruwa kwance a cikinsa, tufafi a ciki, ƙofa kuma a kulle. A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna: su ja hannun ƙofar da ƙarfi, ko su sa wuƙa su ɓamɓare ta. Hannun roba ne, yana karyewa. In kuwa ƙofar ta buɗe, ruwa ya malale ɗaki kusa da wayar kuran.

Injin ba taurin kai yake yi ba. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai auna yawan ruwa. Muddin tana jin ruwa a tukunyar wanki, makullin ba ya saki. Ko babu ruwa ma, makullan injuna da yawa suna aiki da zafi ne, sai sun huce minti biyu zuwa uku kafin su saki. Saboda haka maganin ba a ƙofa yake ba, yana wajen fitar ruwa.

Ga misalin wata uwargida da ta sa zannuwan gado a wanki mai zafin digiri 60, injin ya tsaya, ruwa ya kai gindin gilashin ƙofa. Da farko ta jira minti biyar. Ta duba ko alamar makullin yara na kunne, ko an zaɓi "Arrêt cuve pleine", wanda ke tsayar da wanki da ruwa a ciki da gangan. Babu ko ɗaya. Sai ta juya maɓalli zuwa "Vidange", wato zubar da ruwa, ta kasa kunne. Famfon yana guna, amma ruwa bai fita ba. Ta leƙa bayan injin, ta ga tiyon fitar ruwa bai lanƙwashe ba. Wannan ya nuna toshewa ce a matata.

Daga nan ta kashe injin, ta zare wayarsa daga bango da busasshen hannu, ta rufe famfon shigar ruwa. Ta bar shi awa guda ya huce, domin ruwan digiri 60 yana ƙona fata.

A ƙasan injin, ta gaba, galibi daga hannun dama, akwai ƙaramin murfi. Bayansa akwai matata mai murɗawa, kuma a injuna da yawa akwai siririn tiyo mai toshi a gefenta. Ta shimfiɗa tsummoki, ta ajiye faffaɗan tire mai cin lita biyu, ta jawo tiyon, ta cire toshin. In tire ya cika, ta mayar da toshi, ta juye a bokiti. Sau takwas ta yi haka, kusan lita 15 ke nan, kafin ruwa ya yanke. Wanda injinsa ba shi da wannan tiyo, sai ya murɗa matatar kaɗan kawai, ruwa ya riƙa tsiyaya, ya ɗaure in tire ya cika. Wanda ya zare ta gaba ɗaya, ruwan duka zai zubo masa lokaci guda.

Bayan ruwa ya ƙare ne ta zare matatar. A ciki ta tarar da ƙarfen dala biyar, da maɓallin riga, da dunƙulen zare. Ta wanke ta, ta sa yatsa a ramin ta taɓa 'yar farfelar famfo, ta ji tana juyawa. Ta mayar da matata, ta ɗaure sosai, domin sako-sako yoyo take yi. Da ta mayar da wuta ta sake zaɓar "Vidange", bayan minti biyu makulli ya yi ƙara, ƙofa ta buɗe.

In kuran ne ya ɗauke, hanyar fidda ruwan ɗaya ce. Wasu injuna suna da ɗan igiya ko harshen roba kusa da matata, wanda ake ja makulli ya saki. Littafin injin yana nuna wurinsa. Ba a taɓa shi sai an zare waya, ruwa ya fita, tukunya ta daina juyi.

Akwai kuma inda ya kamata mai gida ya tsaya. In matata tsab take amma famfon ya yi shiru, mai yiwuwa ya mutu. In ruwa ya fita duka amma ƙofa ta ƙi, to ko makullin ya lalace, ko tiyon na'urar auna ruwa ya toshe da dattin sabulu. Waɗannan aikin mai gyara ne. Abin da ya rage ga iyali shi ne lalube aljihu kafin wanki, da buɗe matata a wanke duk bayan wata biyu ko uku.